Defender ya killace mini insitolar VLC, in dawo da ita ko in bar ta?

Mai Kafe: Slm jama'a, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka. Jiya na yi wa kwamfuta ɗaya fomatin a shago, na zo ina mayar da manhajoji ɗaya bayan ɗaya, na sauke VLC, ina buɗe zif ɗin kenan sai Defender ya ɗaga sanarwa fayil ɗin ya ɓace daga folda. Na shiga Protection history na ga an rubuta Threat quarantined, sunan da ya ba shi Trojan:Win32/Wacatac.B!ml kuma wai Severe. To ni dai VLC na san shi shekara da shekaru, babu kwamfutar da ba na sa wa, shi ya sa nake ganin kamun kuskure ne. In danna Restore ne kawai ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa? Kwastomomi suna shiga imel ɗinsu a kan kwamfutocin nan shi ya sa ban yi gaggawa ba.

Ɗan Farm Centre: Wslm. Wacatac? Haba, wannan ai sharri ne kawai yake yi wa fayil, rabin kayan aikin da muke filashin waya da su haka yake kiransu. Ka ga wannan !ml ɗin na ƙarshe, yana nufin ba wai ya san fayil ɗin ba ne, hasashe ya yi daga kamanninsa. Danna Actions ka zaɓi Restore, in ya sake kama shi ka zaɓi Allow on device ka ci gaba da aikinka. Ni foldar Downloads gaba ɗaya na sa a Exclusions tun tuni na huta da surutunsa. Kuma ba yau suka fara kuskure ba, a Satumban 2022 Defender ya wayi gari yana kiran Chrome da Edge da sunan Behavior:Win32/Hive.ZY, duniya ta ɗauka, kafin dare suka gyara.

Injiniyan Zariya: Mai Kafe dakata tukuna, kar ka danna komai. Fayil ɗin da aka killace ba ya iya gudu, an ɓoye shi an sauya masa kama, don haka zamansa a can ba ya cutar da kai, babu abin da ke korarka.

Ɗan Farm Centre maganarka a kan !ml gaskiya ce, hasashe ne, kuma labarin Hive.ZY ma haka ya faru. Amma hasashe ba ya nufin ƙarya. Sabon ɓarawon da aka haɗa jiya wanda ba a riga an raɗa masa suna ba, shi ma da wannan sunan na Wacatac ake kama shi, don haka sunan kaɗai bai raba gardama ba, abin da ya gaya mana kawai shi ne sai mun bincika da kanmu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai a bayaninka Mai Kafe, ka ce zif. Masu VLC, wato VideoLAN, in ka danna babban maɓallin saukewa a shafinsu exe ɗaya suke ba ka kai tsaye, suna kamar vlc-3.0.21-win64.exe, girmansa bai kai MB 50 ba. Suna da na zif ga mai so amma sai ka nema da gangan kuma babu fasuwod a kansa. Buɗe burauzarka ka danna Ctrl+J ka faɗa mana daga wane adireshi ya sauko, sannan zif ɗin ya nemi fasuwod ko bai nema ba?

Mai Kafe: Injiniya ya nema. An rubuta fasuwod ɗin a shafin da manyan lambobi, lamba huɗu. Adireshin kuma yanzu da na duba ba videolan.org ba ne, akwai vlc a cikin sunan da wata kalma a gaba, shi ne na farko da ya fito a sama da na yi bincike, na tuna ma akwai ɗan rubutun talla a gefensa amma hoton mazubin nan mai ruwan lemo yana nan, komai iri ɗaya wlh.

Baban Ummi: Ni ma irin wannan matsalar ke damuna, duk filash ɗin da na kai wajen buga takarda in na dawo sai in ga fayilolina sun koma shotkot, antibairos ya kwashe su. Ta yaya zan dawo da su? Akwai takardun fili a ciki.

Injiniyan Zariya: Baban Ummi naka daban ne, takardunka suna nan a filash ɗin an ɓoye su ne, shotkot ɗin da aka kwashe na tsutsar ne ba naka ba, kar ka dawo da su. Buɗe sabon zare ka kira ni mu bi shi a can don kar maganar nan ta cakuɗe.

Mai Kafe, yanzu muna da abu biyu, adireshi ba nasu ba ga kuma fasuwod. Ka tambayi kanka manhajar da ake rabawa kyauta me za a ɓoye a cikinta da har za a kulle, a kuma manna makullin a bakin ƙofa? Ba kai aka kulle wa ba, antibairos aka kulle wa. Muddin zif yana da fasuwod burauza da Defender ba sa iya leƙa cikinsa lokacin da yake saukowa, sai ka buɗe da hannunka. Shi ya sa ba a kama shi ba sai da ka warware.

Zif ɗin na nan a Downloads ko? Kar ka sake warware shi. Buɗe shi da 7-Zip kallo kawai, a yawancin zif ko da fasuwod za ka ga sunayen abin da ke ciki. Karanto mana abin da ke ƙarƙashin Size da na ƙarƙashin Packed Size.

Mai Kafe: Fayil biyu ne a ciki, Setup.exe da Readme.txt. Setup ɗin Size ya nuna wajen MB 740, Packed Size kuma MB 4 da ɗan wani abu. To ta yaya 740 ya shiga cikin 4?

Injiniyan Zariya: Ta haka ne kawai, in kusan duk cikinsa fanko ne. Ainihin shirin ƙarami ne, sai a cika masa ciki da sifili jere har ya kumbura, sifili kuwa in an matse shi ba ya cin wuri. Insitola ta gaskiya a matse take tun asali, in ka sa ta a zif da ƙyar take raguwa, 40 ta koma 39 haka. Dalilin kumburin kuma, VirusTotal, shafin da ake ɗora fayil antibairos da yawa su duba shi, ba ya karɓar fayil da ya wuce MB 650, wasu antibairos ɗin ma suna tsallake manyan fayiloli don kar su nauyaya kwamfuta. Wannan salo sananne ne, a farkon 2023 an yi ta samun tallace-tallacen bogi da sunan VLC da OBS da 7-Zip da Notepad++, suna kai mutane shafin da aka kwaikwaya, abin da ke ciki kuma masu satar fasuwod ne irin su RedLine da Vidar.

Ni a wurina an gama shari'ar wannan fayil. Koma Protection history ka zaɓi Remove, ka goge zif ɗin har daga Recycle Bin. Amma kafin nan ina so mu tabbatar a wane mataki aka kama shi. Buɗe PowerShell a matsayin admin ka sa wannan:

```
Get-MpThreatDetection | Select-Object InitialDetectionTime, ProcessName, Resources
```

In ProcessName ya nuna explorer.exe ko shirin warware zif, kuma Resources ya nuna foldar da ka warware a ciki kaɗai, to a bakin ƙofa aka tare shi. In ka ga wata hanya mai AppData ko Temp da sunan da ba ka sani ba, to ya riga ya tashi ya fara zuba kaya kafin a kama shi, maganar ta canza.

Mai Kafe: explorer.exe ne, hanyar kuma Downloads ce kawai, layi ɗaya. Alhamdulillah. Na yi Remove.

Ɗan Farm Centre: To wannan na yarda, ban san da zif mai fasuwod ba ne da na yi magana. Amma Injiniya kar a sa mutane su ɗauka duk abin da aka killace ɓarawo ne, mu da muke aiki da kayan filashin in muka bi ta Defender ba za mu buɗe shago ba.

Injiniyan Zariya: Ban ce haka ba ɗan'uwa, kamun kuskure yana faruwa kullum, kuma insitola ta fi kowa shan sa saboda aikinta ya yi kama da na ɓarawo: a dunƙule take zuwa, ta warware kanta a Temp, ta nemi izinin admin, ta rubuta a rajistiri, wani lokaci ta jawo wasu fayiloli daga intanet. Abin da nake ja da kai a kai shi ne sa Downloads a Exclusions. Ka duba abin da ya faru yanzu, da kwamfutarka ce wannan Setup ɗin zai sauka a foldar da ka ce kar a duba, ka warware a nan, ka danna, babu wanda zai ce uffan. In dole sai ka yafe wa wani abu, yafe wa fayil ɗaya da ka bincika, ba ƙofar da komai ke shigowa ta ita ba.

Kuma karanta kalmar farko ta sunan, tana da amfani. In ka ga HackTool ko PUA, yana gaya maka ne wannan kayan fasa lasisi ne ko mai cusa talla, ya san me ne, saura kai ka yanke. Trojan mai !ml shi ne hasashe. Amma in ka ga Virus:Win32/Sality ko Virut ko Ramnit a kan tsohuwar insitolar da ka daɗe kana yawo da ita a filash, kar ka ce ai na san ta shekara biyar. Waɗannan suna manne kansu ne a jikin exe masu lafiya, filash ɗinka ya shiga kwamfuta mai ciwo ya kwaso. Alamar ita ce ba ɗaya za a kama ba, za ka ga exe goma ashirin a filash guda duk suna ɗaya.

Mai Kafe: Yanzu na sauke na videolan.org, Defender bai ce komai ba. Amma tunda abin ya ba ni tsoro, ta yaya zan tabbatar wannan ɗin shi ne na gaskiya ba wai shiru kawai ya yi ba?

Injiniyan Zariya: Yawwa, gwada a kan wannan mai lafiyar don idonka ya saba. Danna dama a kan fayil ɗin, Properties, nemi shafin Digital Signatures. Za ka ga sunan VideoLAN, zaɓe shi ka danna Details, a sama ya kamata ka ga This digital signature is OK. Kar ka tsaya a ganin sunan kawai, sai ka shiga ka ga wannan layin, don ana iya ɗauko sa hannun wani a liƙa wa fayil, sunan zai fito amma ciki zai ce bai inganta ba. Kuma kar ka ruɗe da ɗaya shafin Details na Properties inda ake rubuta Product name da Copyright, wannan kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a wurin.

Na biyu hash. Lissafi ne da ake yi a kan fayil gaba ɗaya ya fitar da haruffa da lambobi 64, in aka taɓa ko ɗigo ɗaya a fayil ɗin duk sai su canza. A PowerShell cikin foldar:

```
Get-FileHash .\vlc-3.0.21-win64.exe -Algorithm SHA256
Get-AuthenticodeSignature .\vlc-3.0.21-win64.exe
```

Sa sunan naka fayil ɗin in sigar ta bambanta. Na farkon ka gwada shi da SHA-256 da VideoLAN suka wallafa a shafin saukewa, na biyun kuma ƙarƙashin Status kana son ganin Valid, ba NotSigned ko HashMismatch ba. Sai dai ka lura, hash ɗin da za ka gwada da shi daga shafin masu manhajar na gaskiya za ka ɗauko, wanda ka rubuta adireshinsa da hannunka. Shafin bogi ma zai iya wallafa hash ɗin fayil ɗinsa na bogi su dace tsaf.

Mai Kafe: Valid, kuma hash ɗin ya dace, na bi shi harafi harafi har idona ya yi ruwa.

Malamar Lissafi: Sallama, ku yi haƙuri in shigo da nawa don tun ɗazu nake bin ku. Makarantarmu muna amfani da wata manhajar haɗa sakamakon jarabawa da wani tsohon ɗalibinmu ya rubuta mana, shekara biyu muna aiki da ita lafiya. Wannan zangon ya turo sabuwar siga, antibairos ɗin da ke kan kwamfutar ofis ya killace ta nan take. Na bi abin da Injiniya ya ce a kan kwafin da ke laftof ɗina, babu ma shafin Digital Signatures ɗin kwata-kwata. Kenan ita ma ta ɓarayi ce? Ga shi ranar Alhamis za mu raba katin sakamako, shugaban makaranta sai kirana yake.

Injiniyan Zariya: Malama a'a, rashin sa hannu bai zama laifi ba. Satifiket ɗin sa hannu kuɗi ake biya duk shekara da dala, yaro mai rubuta wa makaranta ɗaya manhaja ba zai saya ba, kai 7-Zip ma da duniya ke amfani da shi shekaru da yawa ba sa hannu yake fitowa. Bambancin shi ne VLC an san suna sa hannu, to in aka ga nasu babu, akwai magana. Naki kuma ba a taɓa sa masa ba, don haka wannan gwajin bai ce komai ba, sai mu nemi wata hanya.

Kafin ki ɗora shi a VirusTotal tambaya ɗaya, akwai sunayen ɗalibai ko makinsu a cikin insitolar? Duk abin da aka ɗora a can yana zama a wurinsu kuma masu bincike da ke biyan kuɗi suna iya sauke shi. Fara da hash, ki liƙa a Search, in wani ya taɓa ɗorawa sakamakon zai fito ba sai kin ba da fayil ɗin ba.

Malamar Lissafi: Babu bayanan yara a ciki, waɗannan a wata folda suke daban. Hash ɗin bai fito da komai ba sai na ɗora. Ya nuna 5 cikin 71 ja. Sunayen akwai mai cewa Malicious da maki a gaba, akwai Unsafe, akwai Generic.ML wani abu, ɗaya kuma Suspicious. Sauran duk Undetected.

Ɗan Farm Centre: Biyar cikin saba'in ai lafiya lau ne Malama. Ni ƙa'idata in bai kai goma ba ina sakawa.

Injiniyan Zariya: Wannan ƙa'idar ta goma ita ce nake so mu bari. Lambar tana da ma'ana ne in ka haɗa ta da shekarun fayil ɗin. Shiga Details ka duba First Submission. Fayil da ya shekara biyu a can, dubban mutane sun sauke, har yau 3 ne ke kama shi da sunaye na hasashe, wannan kusan tabbas kuskure ne, da mugu ne da tuni manyan sun raɗa masa suna. Amma fayil da aka fara gani yau, kamar na Malama da ita ce ta fara ɗorawa, 5 ɗin ba ta wanke shi ba, sabon ɓarawo ma da 2 ko 5 yake farawa, bayan kwana uku ka dawo ka tarar da 40.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali a na Malama shi ne sunayen, babu biyu da suka yi ittifaƙi a kan iyali ɗaya. Da na ga uku huɗu suna cewa Stealer, ko suna maimaita suna ɗaya kamar Lumma ko AgentTesla, ko da su huɗun ne kaɗai zan ce a tsaya. Malama buɗe shafin Behavior, inda suke kunna fayil ɗin a kwamfutar gwaji, in ya gama, ki duba wuraren da ya tuntuɓa a intanet da fayilolin da ya taɓa. Manhajar sakamako da ke aiki ba intanet ba ta da dalilin kiran wani adireshi a waje, ba ta da dalilin leƙa foldar User Data ta Chrome. Sai dai za ki ga wasu adireshin Microsoft, wannan Windows ɗin gwajin ne da kansa, kar su tsorata ki.

Ɗalibin Kwamfuta: In da Python ya rubuta ya dunƙule da PyInstaller to wlh wannan ba sabon abu ba ne, ni ko shirin da ba ya komai sai buga gaisuwa na dunƙule da --onefile sai wasu injina sun kama shi. Dalili, kan da PyInstaller ke ɗora wa kowane shiri iri ɗaya ne, masu mugun shiri ma suna amfani da shi, ga shi yana warware kansa a Temp duk lokacin da aka buɗe. Ki ce masa ya gwada --onedir da --noupx sannan ya haɗa insitolar da Inno Setup, yawanci jan yana raguwa. Kuma kamfanonin suna da fom na kai ƙorafin kamun kuskure, na Microsoft yana microsoft.com/wdsi/filesubmission, ya zaɓi Software developer.

Injiniyan Zariya: Wannan shawara ce mai kyau ga shi mai rubutawar. Amma raguwar ja ba shaida ba ce cewa fayil ɗin da ke hannun Malama yanzu shi ne wanda ya fito daga hannunsa. Malama ta ina ya turo? In ta imel ko WhatsApp ne, kira shi a waya ki ji muryarsa, ki tabbatar shi ya turo, sannan ya yi Get-FileHash a kan nasa kwafin ya karanto miki haruffa takwas na farko da takwas na ƙarshe kina dubawa. In sun dace kin san ba a canza a hanya ba. Abin da ya rage shi ne ko kwamfutarsa shi kanta lafiya take, wannan kuwa daga nan ba mai iya rantsuwa.

Kuma kar a ce na cika tsanani. A Maris 2023 wasu manhajojin tsaro suka fara kama manhajar waya ta 3CX, tana da sa hannu mai inganci, daga shafin kamfanin aka sauke, mutane suka yi ta cewa kuskure ne wasu har suka sa ta a jerin yafiya, bayan kamar mako guda aka tabbatar an shiga kamfanin ne an cusa abu a cikinta. CCleaner 5.33 ma a 2017 haka, da sa hannunsa da komai, sama da mutum miliyan 2 suka sauke. Irin wannan ba kullum ba ne, amma shi ya sa ko sa hannu da hash sun dace, in kamun yana ƙaruwa kwana bayan kwana maimakon raguwa, ba na yafewa, jira nake.

Malamar Lissafi: Na kira shi, shi ya turo, haruffan sun dace, kuma ya ce eh PyInstaller ne. A Behavior ban ga ya taɓa Chrome ba, amma akwai adireshi ɗaya da ba na Microsoft ba, ya ce na duba sabuwar siga ne da ya ƙara a wannan karon. To ni yanzu ban san ko in saka ba.

Injiniyan Zariya: Bayaninsa ya shiga hankali, kuma wataƙila wannan ƙarin ne ma ya jawo kamun. Da ni ne, tsohuwar sigar da ta yi shekara biyu tana aiki zan gama sakamakon Alhamis da ita, ranar Asabar in koma VirusTotal in danna Reanalyze in ga 5 ɗin ta sauka ko ta hau. In dole sai sabuwar, to a kwamfutar da ba a shiga imel ko banki a kanta, a kwafe foldar makin yara a filash tukuna.

Ɗalibin Kwamfuta: Ko ta gwada a Windows Sandbox.

Injiniyan Zariya: In Windows ɗin Pro ne ko Education, Home ba shi da shi. Kuma zai nuna mata manhajar tana aiki ne kawai, mai sata ba ya nuna alama a fuska, wasu ma in sun gane a akwatin gwaji suke sai su yi lamo.

Malamar Lissafi: Matsalar tsohuwar ba ta da sabon tsarin maki da aka ce mu bi, shi ya sa aka yi sabuwar. Bari in yi magana da shugaban makaranta gobe in ji ko za a ɗaga zuwa Litinin.

Mai Kafe: Jama'a na dawo da mummunan labari. Na tambayi yaron shagona ko ya taɓa ganin shafin nan, ashe shi ya fara sauke shi ranar Talata a kwamfuta ta uku, da aka kama sai ya buɗe Readme ɗin, an rubuta a kashe antibairos kafin a saka, ya kashe Real-time protection ya danna Setup. Ya ce wani baƙin allo ya ɗan yi ƙyaf ya ɓace, VLC bai fito ba, sai ya share ya manta. Kwana uku kenan mutane suna zama a kanta. Na yi Full scan yanzu bai ga komai ba.

Ɗan Farm Centre: Subhanallah. To tunda sikan bai ga komai ba ƙila bai kama ba, yi Offline scan ɗin nan na Defender mai sake kunna kwamfuta, minti 15 ne, in ya fito fes ka bar ta. Fomatin da mayar da komai yini guda ne fa.

Injiniyan Zariya: Cire mata waya daga intanet yanzu Mai Kafe. Sikan mai tsabta a nan bai ba ni natsuwa ba, irin waɗannan cikin daƙiƙoƙi suke kwashe fasuwod ɗin da aka adana a burauza da kukis, wato shaidar da shafi ke ajiyewa a burauza cewa ka riga ka shiga, su aika, da yawa kuma su goge kansu, to me sikan zai gani? Wannan allon da ya yi ƙyaf shi ne aikin. Ka ɗauka duk abin da aka taɓa adanawa a burauzar kwamfutar nan ya fita. Daga wayarka, ba daga ita ba, canza fasuwod ɗin imel ɗinka tukuna tunda da shi ake sake saita sauran, sannan a kowane asusu ka nemi inda ake fitar da duk na'urorin da ke ciki ka fitar, saboda da kukis ɗin da aka sata ana shiga ba tare da fasuwod ba, wani lokaci har a tsallake lambar da ake turowa a waya. Ni fomatin zan yi mata, don ban san ko ya bar wani abu a baya ba, kuma ba kwamfutarka kai kaɗai ba ce. Yaron kuma a yi masa asusu marar admin.

Ɗan Farm Centre: Canza fasuwod na yarda ɗari bisa ɗari, fomatin ɗin ne har yanzu nake ganin an yi nisa.

Mai Kafe: Na cire wayar, na canza na imel da na Facebook ɗin shago, fomatin kuma zan yi da daddare in an tashi, na riga na saba. Abin da ya fi damuna kwastomomi ne. Ina da littafin da muke rubuta wanda ya zauna da lokacinsa, daga Talata zuwa yau mutum 14 ne a kwamfuta ta uku, na san tara a cikinsu zan kira su, sauran biyar ɗin 'yan cike fom ne da ban da lambarsu. Waɗanda suka zauna kafin Talata kuma suka danna Save password fa, su ma suna ciki ko Injiniya?

Injiniyan Zariya: Suna ciki, su ne ma a gaba. Kafin ka yi fomatin buɗe chrome://password-manager/passwords da edge://settings/passwords, ba sai da intanet ba, ka rubuta sunayen asusun da ke jere a takarda, sunayen kawai ban da fasuwod ɗin, daga nan za ka san su waye za ka nema. Na biyar ɗin kuma ka manna sanarwa a ƙofar shago da kwanakin.